"Za Mu Riƙa Dawowa": Nawa Ne Kuɗin Wannan Magana a Kasuwa?

Shekara biyu ke nan da abokan aiki suka ɗora mini nauyin shugabantar kwamitin sayen kayan abinci na ƙungiyar gama-kai ta ma'aikatan tsangayarmu. Ba don na fi kowa iya ciniki suka zaɓe ni ba. Ranar taron ne na makara, kafin in shigo an riga an gama rabon muƙamai, wanda kowa ya gudu shi aka ajiye mini. Aikin kwamitin shi ne ya sayo shinkafa a sari duk bayan wata uku, a raba wa mambobi, a riƙa cire kuɗin daga albashinsu kaɗan-kaɗan. A cikin wannan hidima na koyi wani darasi da ban samu a aji ba, kuma shi nake son mu tattauna a filinmu na wannan mako: yadda mai saye kan nemi ragi a kan kowane buhu ta hanyar nuna wa ɗan kasuwa cewa cinikin ba na yau kaɗai ba ne.

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa ya san kalmar. "Alhaji, yi mana ragi, ai za mu riƙa dawowa." Mai sayen takalmi ɗaya yana faɗinta, mai sayen tirela guda ma yana faɗinta. Saboda kowa na faɗinta, ta zama kamar gaisuwa, ana amsa ta da "Allah ya sa" a ci gaba da abin da ake yi. Abin tambaya shi ne, me ke sa wannan magana ta yi nauyi a bakin wani har a sauke masa farashi, ta kuma tashi a iska a bakin wani?

Sayenmu na farko a ƙarƙashin shugabancina buhu 100 ne na shinkafa 'yar gida, mai kilo 50. Bayan kaka ne, kaya sun shigo, saura kusan wata uku a fara azumi. Kafin mu zauna da kowa, ni da ma'ajinmu mun kashe safiya guda muna zagaye a Kasuwar Singa ta Kano muna tambayar farashi kawai, ba tare da mun taya ba. Shago uku muka tsaya, muka ji Naira 64,000, da 63,500, da 64,500 a farashin wancan lokacin. Wani tsohon ɗalibina da ke aiki a wani kamfanin casar shinkafa ya shaida mini cewa wanda ya ɗauki tirela cikakkiya, wato buhu 600, yana samun buhu a wajen 60,000 a bakin kamfani. Idan aka haɗa kuɗin mota da na lodi da saukewa, sai a ce kusan 1,000 a kan kowane buhu. Ke nan dilan da ke neman 64,000 yana da kimanin Naira 3,000 a tsakanin abin da ya kashe da abin da yake nema, kuma a cikin wannan 3,000 ɗin zai biya hayar shago da sito, ya sallami yaransa, sannan ya ci abinci.

Wannan lissafi shi ne abu mafi amfani da muka shiga shago da shi, domin ya nuna mana faɗin filin da za a yi kokawar a cikinsa. Da yawa daga cikinmu 'yan boko mun ɗauka ciniki iri ɗaya ne ko'ina, a raba kuɗin biyu a taya, kamar ana sayen hula a bakin titi. Kayan masarufi na sari ba haka suke ba. Ribarsu siririya ce, yawan juyawa ne ke ciyar da mai su. Wanda aka ce masa 64,000 ya taya 55,000 bai nuna gwaninta ba, ya dai sanar da mai shago cewa bai san kasuwar ba, kuma daga nan duk abin da zai faɗa game da gobe ba za a saurare shi da kunnen arziki ba. Za a ce masa "albarka" cikin ladabi, a juya ga wani.

Mun zaɓi shagon da ya ce 64,000, ba wanda ya ce 63,500 ba, saboda sitonsa ya fi girma kuma mun ga shinkafar da muke so jibge har rufi. Mai shagon dattijo ne, ba mai yawan magana ba. Bayan gaisuwa da tambayar iyali da kasuwa, ma'ajinmu, wanda mutum ne mai zafin nama, ya riga ni buɗe baki.

"Alhaji, mu fa manyan kwastomomi ne. Duk wata sai mun ɗauki buhu ɗari biyu. Ka yi mana farashi mai kyau kawai, ka samu mutane."

Alhaji ya yi murmushi, ya ce, "Allah ya kai mu, Malam. Yau nawa za ku ɗauka?"

"Ɗari."

"To, ɗari kuɗinsa sittin da huɗu. Ranar da kuka zo ɗaukar ɗari biyun sai mu yi maganar ɗari biyu."

Na ji kunya, domin abin da abokina ya faɗa ba gaskiya ba ne, kuma dattijon ya gane ba gaskiya ba ne tun kafin ya rufe baki. Wanda ke ɗaukar buhu 200 duk wata ba ya yawo shago-shago yana tambayar farashi. Yana da dilansa, ko ma ya wuce kai tsaye bakin kamfani. Kuskuren farko ke nan da masu saye ke yi: suna zaton girman alƙawari shi ke jawo girman ragi. A wurin ɗan kasuwa mai hankali, alƙawari kan rage daraja ne gwargwadon yadda ya wuce abin da idonsa ke gani.

Sai na nemi afuwa, na ciro littafin ƙungiya daga jaka na buɗe masa shafin bara. Sau huɗu muka sayi shinkafa: buhu 100, sai 140 gab da azumi, sai 90, sai 90. Jimilla 420. Ga kwanan wata, ga rasit manne a jiki. Na ce, "Alhaji, abokina ya yi zuzutawar kasuwa, a yi masa uzuri. Gaskiyar lamarinmu ga ta a rubuce. Sau huɗu muke saye a shekara, kuma daga albashi ake cire kuɗin, saboda haka ba ma cin bashi, ranar da aka loda ranar za ka ga kuɗinka. Ba zan ce maka na ɗaure ƙungiya a shagonka ba, domin ba ni kaɗai ke yanke shawara ba. Amma mun gaji da sauya dila duk wata uku, wurin zama muke nema."

Ya karɓi littafin, ya sa tabarau, ya daɗe yana duba rasit ɗin. Na lura ba jimillar yake kallo ba, kwanakin yake bi da yatsa, yana son ya ga ko da gaske tsakanin saye da saye wata uku ne.

Ya kamata mu tsaya a nan mu shiga cikin kansa, domin wanda bai san lissafin da abokin cinikinsa ke yi ba, ihu kawai yake a bayan gari. Mu ce mun nemi ragin 1,500 a kan buhu. Idan ya ƙi, muka saya a haka, ya ci 3,000 sau 100, wato Naira 300,000, amma wataƙila ba zai sake ganinmu ba. Idan ya yarda, ribarsa ta yau ta koma 150,000, ya yi asarar 150,000 a take. Abin da yake saye da wannan asara shi ne sauran buhu 320 na shekara, waɗanda a ribar 1,500 za su kawo masa 480,000. Ke nan yana ajiye 150,000 na tabbas domin 480,000 na wataƙila. Idan aka raba na farko da na biyu, za a ga cewa muddin yiwuwar dawowarmu ta kai kusan ɗaya cikin uku, cinikin ya biya shi. Bai yi wannan lissafi da biro ba, amma na tabbata ya yi shi, kamar yadda manomi ke duban gajimare ya san ko ya fita da iri. Duk aikin mai saye a irin wannan zama shi ne ya ɗaga wannan yiwuwa a zuciyar mai kaya daga "kowa ma haka yake cewa" zuwa sama da ɗaya cikin uku. Littafinmu ya yi wannan aiki, buhu ɗari biyun abokina kuwa baya ya mayar da mu.

Akwai sharaɗi guda da lissafin nan ya jingina a kansa, kuma shi ne ke bayyana dalilin da ya sa magana ɗaya ke ci a wani wata ta ƙi ci a wani. Lissafin yana aiki ne idan kaya sun fi masu saye yawa, sito cike, jari kwance. A irin wannan lokaci kowane buhu da ya fita kuɗi ne da zai koma kamfani ya sake juyowa, saboda haka mai ɗaukar 100 a tashi ɗaya kuɗi hannu abin so ne. Amma sati biyu kafin azumi, lokacin da 'yan siyasa da masu rabon sadaka suka cika kasuwa kuma kowane buhu yana da mai jiransa, ragin da zai yi maka asara ce tsantsa, domin da kai da babu kai kayan za su ƙare. Wanda ya je neman ƙulla hulɗa a wannan lokaci ya je a makare. Ana ƙulla ta ne lokacin da kasuwa ta yi sanyi, a ci moriyarta lokacin da ta yi zafi.

Da ya rufe littafin sai ya ce, "Dakta, na ji maganarka, kuma ta fi ta abokinka shiga kunne. Amma ni ma bari in gaya maka tawa. Yau zan cire muku dubu ɗaya. Idan kun dawo karo na biyu, zan cire dubu ɗaya da ɗari biyar a kan farashin ranar, kuma ɗari biyar ɗin da ban cire muku yau ba, ta buhu ɗari, zan zare ta daga kuɗin wancan karon. Kun ga idan kun dawo ba ku yi asarar komai ba. Idan ba ku dawo ba, ni ma ban yi kuka da yawa ba."

Na yi shekaru ina karanta littattafan da ke bayanin irin wannan tsari da dogon Turanci, inda ake mayar wa mai saye wani kaso na kuɗinsa bayan ya cika adadin da aka yi magana. Ga shi wani dattijo ya shimfiɗa mini shi a jimla huɗu. Hikimar tsarin ita ce ya raba haɗarin gida biyu. Naira 50,000 ɗinmu ta zauna a hannunsa kamar jingina, ta kuma zama abin da zan nuna wa kwamiti idan wani ya ce a sauya wuri. Shi kuma abin da ya saka a caca ya sauko daga 150,000 zuwa 100,000. Mai saye na gaskiya ba shi da dalilin ƙin irin wannan tayi, kuma da mun ƙi, da mun fallasa kanmu cewa dawowar baki ce kawai. Har ina ganin ya fi kyau mai saye ya riga mai kaya kawo wannan shawara, domin babu abin da ke gaskata niyyar dawowa kamar mutum ya ce da bakinsa a riƙe masa wani abu sai ya dawo.

Muka amince. Ya ce ya sallama a 63,000, muka tura masa Naira 6,300,000, bai bari an ɗaga buhu ko ɗaya ba sai da saƙon banki ya shigo wayarsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Mai karatu zai lura cewa bai ce zai sayar mana a 62,500 nan da wata uku ba. Cewa ya yi zai cire 1,500 daga farashin ranar. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira a watan Yunin da ya biyo baya, babu ɗan kasuwa mai hankali da zai ɗaure kansa da farashin wata uku masu zuwa, kuma mai sayen da ya nace sai an yi masa haka yana neman ɗaya daga cikin biyu ne: ko a ƙi shi, ko a amsa masa da baki a saɓa ranar da kaya suka tashi. Abin da ake iya ɗaurewa shi ne tazara, ba farashi ba. Sai dai ita ma tazarar tana da ƙofar da ake bi a zille mata. Idan mai kaya ne kaɗai ke faɗin farashin ranar, yana iya ƙara 1,500 a kai sannan ya cire maka ita, ka tafi kana godiya. Saboda haka tun a zaman farko muka fayyace cewa farashin ranar shi ne abin da yake sayar wa wanda ya shigo ɗaukar buhu goma a wannan rana, kuma na gaya masa a fili cewa duk zuwa za mu tambayi maƙwabtansa biyu kafin mu iso. Bai ji haushi ba, cewa ya yi, "Ku tambayi goma ma."

Ƙofa ta biyu ita ce ta awo, kuma a nan ƙungiyarmu ta taɓa ƙonewa kafin zuwana. Wani dila ya yi wa kwamitin baya ragi mai daɗi ba tare da wata jayayya ba, sai da aka raba kaya wata malama ta ɗora buhunta a sikeli ta ga kilo 48. Mu auna da farashinmu. Buhu mai kilo 50 a 64,000 yana nufin kowane kilo Naira 1,280. Buhu mai kilo 48 a 62,500 kuwa kowane kilo ya kama sama da 1,300. Wato an cire maka 1,500 a baki, an zare maka shinkafar 2,560 a buhu. Alamar da ya kamata ta farkar da mutum ita ce sauƙin da ragin ya zo da shi. Idan ka san ribar mutum 3,000 ce, ka ga ya sauke maka 2,500 yana dariya, to a wani wuri zai fanshe, ko a nauyi, ko a cakuɗa tsohuwa da sabuwa, ko a yawan karyayya da tsakuwa. Mu dai mun sa a rasit sunan kamfanin da ya casa da nauyin buhu, kuma duk lodi ma'aji na zaɓar buhu biyar daga wurare daban-daban na tulin a ɗora a sikeli a gabanmu.

Wani masanin halayyar al'umma Ba'amurke, Clifford Geertz, ya yi nazarin kasuwar garin Sefrou a Maroko, ya kuma wallafa wata maƙala a 1978 inda ya nuna cewa masu saye a irin waɗannan kasuwanni ba sa yawo ko'ina neman mafi araha a kowace rana. Suna komawa ne wurin mutanen da suka saba da su, su yi ciniki mai zafi da su, saboda a kasuwar da ba a rubuta farashi ba kuma ba a tabbatar da inganci ba, sanin wanda kake hulɗa da shi ya fi ragin kwana ɗaya daraja. Bahaushe bai jira Geertz ba kafin ya san haka. Kalmar "kwastoma" da muka aro ma mun faɗaɗa ta, mai saye kwastoman mai kaya ne, mai kaya ma kwastoman mai saye ne, kowa yana kiran ɗan'uwansa da ita. Harshen da kansa ya ɗauka cewa nauyin yana kan ɓangare biyu.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna a lamarin, wato iyakar da ke tsakanin nuni da alƙawari. Da gangan na ce wa Alhaji wurin zama muke nema, ban ce za mu ɗauki buhu kaza ranar kaza ba. Na farko bayanin hali ne da niyya, na biyu alƙawari ne, kuma ba ni da ikon ɗaukarsa a madadin mutum sittin da ban tambaya ba. Idan mutum yana son farashi tabbatacce na kayan da za a kawo nan gaba, shari'a ta buɗe masa ƙofar salam: a faɗi nau'in kaya da awonsu da lokacin kawowa, a biya kuɗin tun yanzu. Wanda bai shirya biya yanzu ba, abin da ke hannunsa nuni ne kawai, kuma ya kamata ya faɗe shi a matsayin nuni. Amma kada mu ruɗi kanmu cewa nuni ba ya da nauyi. Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan alƙawarin da ya sa wani ya shiga ɗawainiya saboda dogaro da shi, kuma zance mafi shahara a mazhabar shi ne irin wannan ya zama dole a cika shi. Idan na bar dattijo ya fahimci cewa za mu ɗauki 140 kafin azumi, ya ƙaro kaya saboda mu, sannan na ɓace, wayon da na yi wajen zaɓen kalmomi ba zai wanke ni ba. Mutumin da ya san a ransa ba zai dawo ba, ya kuma karɓi ragin da aka yi masa saboda dawowa, ya ci kuɗin da ba nasa ba, ko da kotu ba za ta kama shi ba.

Karo na biyu ya zo sati uku kafin azumi. Na kira shi tun da sauran kwana goma na gaya masa adadin, domin ya shirya. Farashin ranar ya kai 68,000, maƙwabtansa biyu sun tabbatar, ɗaya ma ya ce ba shi da buhu 140 da zai ba mutum ɗaya. Alhaji ya ware mana namu a gefen sito, ya cire 1,500, ya zama 66,500. Buhu 140 suka kama 9,310,000, ya zare 50,000 ɗin da ya riƙe, muka biya 9,260,000. A wannan rana da idona na ga mutane biyu sun nemi ya sayar musu daga tulinmu a cikakken farashi, ya ce an riga an saya. Ragin da ya yi mana a ranar, ban da tsohuwar ajiya, Naira 210,000 ne, a lokacin da ba ya bukatarmu ko kaɗan.

Jarrabawar ta zo a karo na uku, kuma a kanmu ta faɗo. Kasuwa ta yi sanyi bayan salla, farashin ranar 70,000, namu ke nan 68,500. Sai wani mamba ya zo taron kwamiti da labarin wani sabon dila da ya ce zai ba mu irin shinkafar a 67,700. Bambancin 800 ne a buhu, a buhu 90 ya zama Naira 72,000. Aka yi ta muhawara. Masu cewa a koma can suna da hujja mai ƙarfi, kuma ban raina ta ba: kuɗin mambobi ne, amana ce, ba a ɗora mu don mu yi wa wani ɗan kasuwa kara ba, kuma babu takardar da ta ɗaure mu. Wani ma ya tuna mini cewa ni da bakina na ce ban ɗaure ƙungiya ba.

Abin da na ce musu shi ne, sabon dilan yana yi mana daidai abin da muka yi wa Alhaji ne, ta ɗaya gefen. Yana saka ribarsa ta yau domin ya sayi gobenmu, kuma babu wanda ya san farashinsa na karo na biyu, ko nauyin buhunsa, ko zai ware mana kaya gab da azumi. Na tuna musu 210,000 ɗin karon baya. Amma na yarda cewa ba daidai ba ne mu rufe ido mu biya ƙarin 72,000 saboda kunya. Hulɗar da ba a iya kawo mata farashin waje a gwada ta, ta fara zama tarko, kuma dila ko na kirki ne idan ya ga ba ka duba ko'ina, a hankali tazarar za ta narke. Muka tsaya a kan cewa zan je in gaya masa gaskiya, in ba shi damar farko.

Na same shi bayan la'asar. Ban ƙara ko sisi a kan abin da aka taya mana ba, ban kuma ce za mu tafi ba. Na ce, "Alhaji, an ba mu a sittin da bakwai da ɗari bakwai. Mutanena sun matsa, ni kuma ban ga ya dace in ɗauka a wani wuri ba tare da ka ji daga bakina ba."

Ya yi shiru, ya jawo wata 'yar na'urar lissafi ya danna. Ya ce, "Dakta, wannan farashin ban iya shi ba, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na iya ba. Wanda ya ba ku, ko tsohon kaya ne da ya saya da araha, ko yana neman shiga ne. Zan sauko da ɗari huɗu, sittin da takwas da ɗari ɗaya. Motata za ta bi ta wajenku jibi, sai ta sauke muku a bakin ofis, ba sai kun ɗauki haya ba. Idan bai yi muku ba, ku je ku gwada shi, ba zan riƙe ku a zuciya ba. Amma in kun dawo, a matsayin sababbi za ku dawo."

Na yi lissafi a hanya. Ɗari huɗun ta rage tazarar zuwa 36,000, kuma abin da muka saba biya na mota da 'yan dako daga kasuwa zuwa makaranta ya haura haka. Kwamiti ya amince, mutum ɗaya ya ƙi, ya nemi a rubuta ƙin amincewarsa a littafi, aka rubuta. Motar ta iso ranar da aka ce, ma'aji ya zaɓi buhu biyar ya ɗora a sikelin ɗakin gwaji da muka aro, huɗu suka cika 50, ɗaya ya gaza da rabin kilo. Na kira Alhaji na gaya masa, ya ce a ajiye shi gefe, yaronsa zai zo ya musanya. Har yanzu da nake wannan rubutu mambanmu da ya ƙi amincewa yana nan a kan bakansa, kuma ya ce a saye na gaba shi ma zai bi mu kasuwa.